Mutum uku a teburin mai shayi: yadda ake hana fuskoki cakuɗewa a hoto da bidiyon na'ura

Sakan biyar kacal na nema. Teburin mai shayi a bakin tasha da sassafe, dattijo mai farin gemu yana zaune a benci, mai shayi yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, yarinya 'yar makaranta ta zo sayen burodi, can bayansu kuma matafiya suna kai da kawo. Na rubuta wa wata manhajar ƙirƙirarriyar basira duk wannan cikin jimla ɗaya mai tsawo, na danna, na zauna jira. Da bidiyon ya fito sai na ga dattawa biyu masu fuska iri ɗaya, mai shayin ya yi furfura alhali saurayi na ce, launin hijabin yarinyar kuma ya koma jikin rigarsa. Abin da ya fi damuna ya zo ne wajen sakan na uku. Wani matafiyi ya gifta ta gaban yarinyar, yana wucewa sai ga wata yarinya dabam a tsaye a wurin, da burodin a hannunta.

Duk wanda ya taɓa gwada haɗa mutane da yawa a irin waɗannan manhajoji ya san wannan ciwon. Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, ciwo uku ne, kowanne da sanadinsa: cakuɗewar kamanni, maimaituwar fuska ɗaya, da sauyawar fuska yayin da bidiyo ke tafiya. Mai ƙara wa umarninsa kalmomi yana fatan a dace, yawanci ƙara dagula lamarin yake yi. Na'urar ba ta riƙe "wane" da "wance" a ranta kamar yadda mai zane yake yi. Fili ne a gabanta da kalmomi, kuma duk fuskar da ba a yanka mata nata filin ba, sai ta shiga na maƙwabciyarta.

Mu fara da lissafin filin, domin shi ne tushen komai, kuma ba shi da wuya.

Stable Diffusion, wadda aka saki ga jama'a a watan Agustan 2022, ba ta zana hoto ɗigo bayan ɗigo. Tana aiki ne a kan wani taƙaitaccen allo da aka matse sau takwas a tsaye, sau takwas a kwance, sai a ƙarshe a buɗe shi ya zama hoton da muke gani. Hoto mai ɗigo 512 a kowane gefe, a wurinta gidaje 64 ne a kowane gefe. To ɗauki hoto mai faɗin ɗigo 1216 da tsayin 832, ɗaya daga cikin ma'aunan da samfurin SDXL ya saba da su. Idan mutum yana tsaye a tsakiyar fili, tsayinsa ɗigo 400, kansa ba zai wuce ɗigo 50 da 'yan kai ba, tunda kan baligi kusan kashi ɗaya ne cikin bakwai da rabi na tsayinsa. Raba da takwas, gidaje shida ko bakwai ke nan. A cikin waɗannan 'yan gidaje ake so a saka ido biyu, hanci, baki da gemu. Wanda yake can baya kuwa, mai tsayin ɗigo 200, kansa gidaje uku ne. Ba yadda za a yi fuska mai kamanni ta fito daga gidaje uku, komai iya tsara umarnin mutum. Shi ya sa fuskokin 'yan baya suke fitowa kamar kyandir da ya narke. Amma idan aka ɗauko mutum daga ƙugu zuwa sama, kansa zai kai ɗigo 200, wato gidaje 25, kuma a nan na'ura tana da wurin da za ta bambanta doguwar fuska da zagayayyiya.

Sababbin samfura sun fi na farko riƙe ƙananan siffofi, amma da yawansu har yanzu matse allon suke yi, kuma ƙa'idar ba ta tashi ba: ƙaramar fuska ita ce ta fara lalacewa. Saboda haka shawara ta farko a kan wannan aiki ta darakta ce, tun kafin a rubuta harafi ɗaya. Fuska nawa ce dole mai kallo ya gane? A teburin shayina uku ce. Sauran mutanen tasha ba sa bukatar fuska. Ana iya nuna su ta baya, ko a dusashe, ko rabinsu a wajen hoto, kamar yadda masu ɗaukar fim suke yi da 'yan cika fili tun kafin a san wata ƙirƙirarriyar basira. Ni a ganina uku ita ce iyakar da mai farawa ya kamata ya tsaya. Da an kai biyar ko shida, har ƙidayar kawunan ma takan kuɓuce wa manhaja.

Atamfa mai zuba

Cakuɗewar kamanni ta fi kama da abin da ke faruwa idan aka jiƙa atamfa mai zuba da farar shadda a baho ɗaya. Kowace kalma ta umarni tana da damar taɓa kowane sashe na hoton. Na'urar tana koyon inda kalma ta fi dacewa, shi ya sa "gemu" yakan sauka a haɓa, amma haɓar wa? Idan maza biyu ne a hoton, haɓa biyu ce, kuma babu abin da ya ɗaure gemun da ɗaya daga cikinsu. Launi ya fi kowa saurin zuba. Ka ce jar hula, sai ka tarar da jar riga, jan kofi, har da jan benci.

Akwai kuma maganar tsawo. Mai karanta rubutu da Stable Diffusion ta farko take amfani da shi, wato CLIP, gutsure 77 yake ɗauka a lokaci guda, biyu daga ciki alamar farko da ta ƙarshe ce, saura 75. Bai kuma ƙware ba wajen gane wace sifa ce ta wane suna a doguwar jimla. Samfuran baya-bayan nan irin su Flux, da ya fito a 2024, sun ƙara wani mai karatu da ya fi fahimtar ginin jimla, don haka idan ka ce musu wane yana hagu, wance tana dama, sukan ji. Duk da haka zubar ba ta ƙare ba, raguwa ta yi.

Abu biyu ne suke taimakawa a matakin rubutu. Na farko, a bambanta mutanen ta hanyar da ido zai gani daga nesa: shekaru, jinsi, tsayi, siffar abin da ke kansu, da launi ɗaya tak ga kowa. Dattijo da farar riga da jar dara, saurayi ba hula da koren singileti, yarinya da hijabi shuɗi mai duhu. Waɗannan ukun ko inuwarsu aka gani za a bambanta su. Sanya musu suna a cikin umarni, a ce wannan Musa wancan Isa, ba ya ɗaure komai, domin na'urar ba ta san su ba. A nan ne hoton biki yake ba da wahala ta musamman. Ƙawayen amarya shida cikin anko, atamfa ɗaya, ɗauri ɗaya, shekaru kusan ɗaya, kwalliya iri ɗaya: an kwashe duk abin da na'ura za ta dafa ta raba su, don haka sai ta ba ka mace ɗaya sau shida. Mai son irin wannan hoton sai ya yarda ya gyara fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ko ya bar biyu a gaba, sauran su juya suna hira.

Na biyu shi ne a yanka filin da gaske. Masu aiki da Stable Diffusion a kwamfuta ta manhajar AUTOMATIC1111 suna da wani ƙari mai suna Regional Prompter, wanda yake raba allo gida-gida, kowane gida da nasa umarnin. Ga yadda teburin shayin yake a cikinsa, an sa `Divide Ratio` a kan `1,1,1`, wato ginshiƙai uku masu faɗi ɗaya. Umarnin da Turanci yake, domin da shi aka fi horar da samfuran:

```
roadside tea stall, northern Nigeria, three people, waist-up, blurred crowd seen from behind ADDCOMM
elderly man, white beard, narrow face, white robe, red cap ADDCOL
young man, clean-shaven, round face, green vest, pouring tea ADDCOL
schoolgirl, navy blue hijab, holding bread
```

Layin farko na kowa ne: wuri, yawan mutane, yadda aka ɗauko su, da taron da ke baya a dusashe. Kalmar `ADDCOMM` ce take nuna haka. Kowane `ADDCOL` kuma yana cewa an gama da wannan ginshiƙi, a matsa na gaba. Yanzu farin gemu ba shi da hanyar zuwa ginshiƙin tsakiya. Mutane da yawa suna zaton kalmar `BREAK` ita kaɗai tana yin wannan aikin. Idan ba a kunna ƙarin ba, abin da take yi kawai shi ne buɗe sabon rukunin gutsure 75, wanda yakan rage zuba kaɗan, amma ba ta ba kowa wuri a allo.

Yankan fili yana da nasa rauni, kuma a kan iyaka yake bayyana. Hannun mai shayi da zai miƙa kofi ga dattijo dole ya tsallaka daga gida zuwa gida, kuma daidai nan ake samun hannu mai launi biyu, ko wani mutum na huɗu da ya tsiro a tsakani. Maganinsa shi ne a haɗa da ControlNet, wanda ya fito a farkon 2023. Ana ba shi zanen ƙashin mutum, 'yan layuka da ɗigo masu nuna kai, kafaɗa, gwiwar hannu, ta hanyar OpenPose. Idan ƙasusuwa uku ka zana, kowanne a tsakiyar ginshiƙinsa, ka gaya wa na'ura yawan mutane da mazauninsu da harshen da ta fi ji. Hanya mafi sauƙi ta samun zanen ita ce ka tsayar da 'yan'uwanka uku yadda kake so, ka ɗauke su da waya, manhajar ta cire ƙasusuwan ta watsar da fuskokinsu.

Dattijo biyu daga ina?

Maimaituwa tana da ƙofofi biyu da ya kamata a sani. Ta farko ma'aunin hoto ce. Samfurin 1.5 na Stable Diffusion a kan 512 aka horar da shi. Idan ka nemi faɗin 1024 kai tsaye, sai ya cika kowane rabi da abin da ya saba gani a hoto guda, ka sami mutum biyu ko kai biyu a jiki ɗaya. Abin yi shi ne a fara a ma'aunin da samfuri ya saba da shi, a faɗaɗa daga baya.

Ƙofa ta biyu ta fi kama ƙwararru, domin kayan gyara ne da kansu suke buɗe ta. Akwai ƙari mai suna ADetailer, wanda yake neman fuskoki a hoto, ya yanko kowacce, ya girmama ta, ya sake zana ta, ya mayar da ita wurinta. Wannan shi ne amsar matsalar gidaje shida da muka lissafa. Sai dai idan ka bar akwatin umarninsa fanko, babban umarninka yake ɗauka ya shafa wa kowace fuska, har da 'yan baya, sai tashar ta cika da 'yan gida ɗaya. Haka abin yake da LoRA, ƙaramin horon da ake yi wa samfuri don ya san fuskar mutum guda: idan ba a killace shi ba, hoton gaba ɗaya yake mamayewa. A teburin shayi sai a umarci ADetailer ya taɓa manyan fuskoki uku kawai, a jera su daga hagu zuwa dama, a raba bayaninsu da alamar `[SEP]`. Ƙarfin sake zanen, `denoising strength`, a kan 0.4 yake zuwa. Idan ka ɗaga shi ya wuce 0.6 za ka sami kyakkyawar fuska, amma ta wani ce dabam, kuma sau da yawa haskenta ba ya dacewa da na wuyan da take zaune a kai.

Na san yawancin masu karanta wannan da waya suke aiki, ba su da kwamfutar da za ta ɗauki waɗannan kaya. Dabarar ba ta canza ba, hannu ne kawai zai yi abin da ƙarin yake yi. Ka fitar da kowane mutum shi kaɗai, a haske iri ɗaya, daga ƙugu zuwa sama. Ka fitar da tashar ita kaɗai da taronta a dusashe. Ka jera su a manhajar gyaran hoto. Ko kuwa ka fara da hoton mutum uku kowane iri, sannan ka shafe mutum ɗaya da burushin manhajar, ka rubuta bayaninsa shi kaɗai, ka gama da shi kafin ka taɓa na gaba. Masu amfani da Midjourney sun ga haka da umarnin `--cref` da aka kawo a watan Maris na 2024: hoton mutum ɗaya yana riƙe kamanninsa sosai, amma idan aka ba shi hotunan mutum biyu lokaci guda yakan gauraya su, don haka ɗaya bayan ɗaya ake saka su.

Idan hoto ya fara motsi

Yanzu muna da hoto tsayayye mai fuska uku, kowacce a wurinta. Wannan hoton shi ne jarinmu, kuma daga shi bidiyo zai tashi. Gani ya kori ji, ga na'ura ma haka ne: bayani na kalmomi yana iya dacewa da dattawa dubu, hoto kuwa dattijo ɗaya yake nunawa. Don haka a loda hoton a matsayin firam na farko, umarnin bidiyon kuma ya tsaya a kan motsi kaɗai. Idan ka sake siffanta fuskokin a nan, ka ba na'ura shugabanni biyu, hoton yana cewa wani abu, rubutu yana jan ta wani wajen.

```
static camera, the man in green pours tea, the old man nods slowly, the girl stands still
```

Kyamara a tsaye, mutum ɗaya yana babban motsi, ɗaya ƙarami, ɗaya ba ya komai. An kira kowa da abin da ido ke gani, mai koren kaya, tsoho, yarinya, ba a ce "shi" ko "ɗayan" ba.

Me ya sa yarinyata ta sauya da matafiyi ya gifta? Waɗannan samfura gajeren zango suke yi a tashi ɗaya. Wan 2.1, wanda kamfanin Alibaba ya saki a 2025, firam 81 yake fitarwa bisa al'ada, 16 a kowane sakan, wato kusan sakan biyar. Veo 3 na Google ya zo da sakan takwas. A cikin wannan ɗan zangon, fuska tana dawwama ne muddin ana ganinta, kowane firam yana jingine da maƙwabtansa. Da zarar wani abu ya rufe ta, ko mai ita ya juya ƙeya, ko ya fita daga hoto ya dawo, sai na'ura ta sake gina ta, kuma abin da take ginawa mai kama ne. Kama da wane kuwa ba ta wane. Mafi muni shi ne mutum biyu su gitta juna, domin a daidai lokacin da jikinsu ya haɗu suna iya musanya kaya ko fuska. Saboda haka taron ya yi zirga-zirgarsa a bayan jarumai, kada kowa ya bi ta gabansu. Haka nan juya kyamara gefe yana tilasta wa na'ura ƙirƙiro mutanen da babu su a hoton farko, kuma fuskar da ta fi kusa da hannunta ita ce ta jaruminka.

Kuskuren da na fi gani wajen masu son dogon bidiyo shi ne ɗaukar firam na ƙarshe na wannan zango a mai da shi farkon na gaba, a yi ta sarƙa haka. Yana kama da yin fotokwafin fotokwafi. Zango na biyu ba laifi, na huɗu gemun ya gajarce, na shida dattijon ya koma ɗan shekara arba'in. Abin da ya fi shi ne kowane zango ya koma tushe: a tanadi hoton kowane jarumi ta gaba, ta gefe, da rabin gefe, a gina sabon hoto tsayayye daga waɗannan, shi ne zai zama farkon sabon zango. Ana yanka daga kusurwa zuwa kusurwa kamar yadda ake yi a kowane fim. Labarin shayina da haka ya kammala cikin zango huɗu: faffaɗan hoto na sakan uku da ya nuna tasha da mutanen uku, sai mai shayi shi kaɗai a kusa, sai dattijo ta saman kafaɗar mai shayi, sai hannun yarinya yana karɓar burodi. A zango ɗaya kawai fuskoki uku suka bayyana tare. Mai kallo ya riga ya ga taron a farko, hayaniyar tasha da aka ɗora a sauti ta ci gaba da tuna masa cewa suna nan.

Ina roƙon abu guda a nan, da gaske nake. Waɗannan dabaru na riƙe fuska suna aiki da fuskar mutum na gaske kamar yadda suke aiki da ƙirƙirarriya. Kada a ɗauki hoton malami, ko jaruma, ko 'yar maƙwabta, a saka su a taron da ba su je ba, ba da izininsu ba.

Saura dubawa. Ido yana yafe wa bidiyo abubuwa da yawa idan yana tafiya, musamman a ƙaramin allon waya, sai an tura wa jama'a wani ya tsayar ya gano. Mai kwamfuta zai iya warware zangon zuwa hotuna da wannan umarni, wanda yake cire hoto biyu daga kowane sakan:

```
ffmpeg -i zango1.mp4 -vf fps=2 hoto_%02d.png
```

Zangon sakan biyar zai ba da hotuna wajen goma. Mai waya kuma ya tsayar da bidiyon a farko, tsakiya da ƙarshe, ya ɗauki hoton allo. A jera su kusa da hoton tushe. Kada a fara da kallon ido da baki, domin su na'ura ta fi kiyayewa. A duba kunne, tsawon gemu, wushirya, tsagar fuska idan akwai, aikin da ke jikin hula, da inda hijabi ya tsaya a goshi. Waɗannan su ne suke fara zamewa. Sannan a ƙirga kawunan da ke gaba a hoton farko da na ƙarshe. Idan sauyin ya fara ne a sakan na huɗu, ba sai an sake kashe kuɗi ko data ba, a yanke zangon a na uku da rabi a wuce kusurwa ta gaba. Idan kuwa tun sakan na farko fuskar ta fara narkewa, to ta yi ƙanƙanta a hoton tushe, sai ka koma can ka matso da kyamara kusa.